Ƙa'idar latti: ma'anarta da yadda ake rubuta wa kwastomar da ta saba makara

Ƙa'idar latti, wasu su ce dokar makara, tsari ne da mai sana'ar da ke aiki da alƙawarin lokaci yake kafawa tun kafin a makara, wanda ke fayyace abu uku: minti nawa za a ɗaga wa kwastoma ƙafa, me zai faru da aikinsa idan ya wuce wannan, kuma me zai faru da kuɗin da ya ajiye. Ana jin ta yanzu a bakin masu kitso da lalle, masu kwalliyar amare, masu ɗaukar hoto, malaman darasin gida da asibitocin haƙori. Ba tara ba ce, ba kuma ramuwa ba. Abin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare lokaci ne a kan kujera ɗaya, kuma idan awa ta wuce babu wanda za a sake sayar wa ita.

Bari mu ɗauki shagon kitso mai kujera ɗaya da makitsiya ɗaya, domin a nan lissafin ya fi fitowa fili. A ce tana karɓar mutum huɗu a rana: ƙarfe 10:00, 11:30, sai hutun sallah da abinci daga 1:00 zuwa 2:00, sannan 2:00 da 3:30. Kowace tana da minti 90, amma ainihin kitson minti 75 ne, ragowar 15 na share gashi, wanke mataji da kibiya, karɓar kuɗi da sallama. Hajiya mai alƙawarin ƙarfe 10:00 ta iso 10:40. Idan aka yi mata cikakken aiki, za a tashi 11:55, a gama shara 12:10. Ta biyu, wadda ta zo a kan kari 11:30, ta yi zaman minti 40 ba laifin tsaye ba na zaune. Ita kuma za a gama mata 1:25, a kimtsa 1:40, hutun awa guda ya koma minti 20. A ranar da babu hutu a tsakiya, kamar jajibirin sallah, wannan minti 40 haka zai yi ta bin kowa har magariba.

Daga wannan lissafin ake ciro lambobin ƙa'idar, ba daga abin da aka gani a shafin wata ba. Ɗaga ƙafar bai kamata ya wuce abin da za a iya matsewa daga lokacin kimtsawa ba. A misalinmu ana iya yin shara cikin minti 5 idan an ƙure, saboda haka ɗaga ƙafa minti 10 ne. Iyakar ƙarshe kuma ana gano ta ne da tambaya ɗaya: wane ne aiki mafi gajarta da za a iya yi ba tare da an ɓata suna ba? Idan zane mai sauƙi yana cin minti 45 zuwa 50, to wadda ta iso 10:30 za a iya sallamarta zuwa 11:20. Wadda ta wuce haka babu abin kirkin da za a yi mata. Ke nan mataki uku ne. Zuwa minti 10, aiki cikakke. Daga nan zuwa minti 30, a rage aikin ya dace da lokacin da ya saura, a tashi ba tare da an shiga lokacin ta gaba ba, kuɗi kuma yadda aka yi ciniki. Bayan minti 30, alƙawarin ya faɗi, sai a sa wata rana.

Mai lalle ba za ta iya aron waɗannan lambobin kai tsaye ba, tunda bushewar lalle ba ta karɓar gaggawa. Abin da za ta rage shi ne yawan zanen, hannu kawai a bar ƙafa. Mai kwalliyar amarya kuwa ba ta da zaɓin cewa a dawo gobe, don haka tata ƙa'idar takan koma kuɗin ƙarin lokaci.

Abu biyu ne suka fi jawo gardama, kuma duka ana magance su tun wajen sa rana. Na farko, alƙawarin "bayan la'asar" ko "da hantsi" ba ya ɗaukar ƙa'idar latti ko kaɗan, domin masallatai ma ba lokaci ɗaya suke idarwa ba, kuma ƙarfe biyar da rabi ma bayan la'asar ne. A faɗi ƙarfe da minti, a rubuta. Na biyu, me ake nufi da isowa? Matar da ta shigo 10:00 da tsohon kitso a kanta ba ta tsefe ba, ta makara da duk mintunan da tsifar za ta ci. A rubuta cewa lokaci yana farawa ne idan an zauna da kai a tsefe, a wanke, a bushe, sai dai idan an biya kuɗin tsifa da wanki an kuma ware musu lokaci.

Maganar kafin alƙalami tana buƙatar natsuwa. Da yawa suna rubuta cewa duk wadda ta makara kuɗin ajiyarta ya tafi. Malamai sun yi saɓani a kan riƙe irin wannan kuɗi: mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, tare da Hanafiyya da Shafi'iyya ba su halatta ba, Hanbaliyya sun halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi a 1993 da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Saboda haka, kuma saboda zaman tare, hanyar da ta fi sauƙin karewa ita ce a ɗaga kuɗin zuwa sabuwar ranar sau ɗaya, a kuma sanar da sharaɗin a rubuce kafin a karɓi ko sisi. Kuɗin da aka riƙe da dokar da kwastoma ba ta taɓa ji ba, shi ne ke ƙarewa a gaban mijinta ko mai unguwa.

To yaya ake faɗa wa wadda ta riga ta saba? Ba a ranar da ta makara ba, lokacin rai a ɓace yake kuma akwai kunnuwa a shago. Washegari ya fi, kuma aƙalla kwana uku kafin zuwanta na gaba, don ta samu damar sauya lokaci. A tura mata ita kaɗai a WhatsApp, a rubuce. Idan karatu yana yi mata wuya a yi saƙon murya, amma a biyo shi da rubutun lambobin don a samu abin komawa. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da warhaka, ya gida ya yara? Na gode ƙwarai da yadda kike riƙe da mu. Akwai maganar da nake so mu daidaita kafin zuwanki na ranar Asabar. A zuwanki uku na ƙarshe alƙawarinmu ƙarfe 10:00 ne, kin iso 10:25, 10:35, sai jiya 10:40. Da yake kujera ɗaya ce, duk mintin da ya wuce a kan wadda ke bayanki yake faɗawa, jiya sai da ta jira minti 40. Don haka daga wannan Asabar ɗin ga tsarin da nake bi da kowa: ina jira minti 10. Idan ya wuce haka zuwa minti 30, zan yi miki kitson da zai shiga lokacin da ya rage, mu tashi 11:20, kuɗin yana nan yadda yake. Idan ya wuce minti 30 sai mu sa wata rana, kafin alƙalaminki zai bi ki sau ɗaya. Idan safiya ce take yi miki wuya, ina da gurbin ƙarfe 3:30, babu kowa a bayansa. Wanne zan rubuta miki, 10:00 ko 3:30? Allah ya bar zumunci."

A lura da inda ladabin yake: a gaisuwa, a kiran ta Hajiya, a godiya, da kuma a ba ta mafita. Tsakiyar saƙon kuwa lambobi ne zalla. Wannan rabon shi ne dabarar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba ladabin a cikin dokar kanta, a ce "don Allah idan ba damuwa ki riƙa ɗan ƙoƙartawa". Wannan roƙo ne, kuma wadda aka roƙa tana da ikon ƙi. Haka ma jera ban haƙuri sau huɗu yana nuna mai saƙon ba ta yarda tana da gaskiya ba. Ɗaya ya isa, ko ma babu.

Kuskure na ɗaya gefen shi ne kalmar "kullum". Da an ce "kullum sai kin makara", za ta tuno ranar da ta zo da wuri, magana ta koma musu. Lokuta uku da aka rubuta a littafin shago ba su da abin musantawa, shi ya sa ake son a riƙa rubuta lokacin isowar kowa. Kada kuma a taɓa halinta, irin su "ba kya mutunta lokacin mutane", kada a ambaci sunan wadda ta jira. Habaici a sitatus, wanda ya zama ruwan dare, shi ne mafi muni a ganina: wadda ake nufi ba ta ɗauka da ita ake ba, waɗanda ba su yi komai ba su tsargu.

Tambayar da aka rufe saƙon da ita tana da aiki. Amsarta ita ce shaidar ta karanta ta kuma yarda. Idan ta yi shiru, a tuntuɓe ta ana gobe: "Hajiya, gobe ƙarfe 10:00 in sha Allah, bisa tsarin da na turo." Gurbin ƙarshen yini kuma gyara ne na gaske, domin sau da yawa dalilin makarar ba raini ba ne, abin karin yara ne, ko jiran mai adaidaita, ko cunkoson hanya. Sai dai a can ma a faɗi lokacin rufe shago.

Gwajin yana zuwa ne ranar farko da ta sake makara bayan saƙon. Idan ta iso 10:35 aka zaunar da ita aka yi mata cikakken shuku saboda kunya, ƙa'idar ta mutu, kuma saƙo na biyu ba zai yi tasiri ba. Abin faɗa gajere ne, cikin sakin fuska, a gefe ba a gaban mutane ba: "Sannu da zuwa Hajiya, lokacin ya wuce yadda muka yi, akwai Talata ƙarfe 2:00 ko Asabar 3:30." Uzuri na gaske, rashin lafiya, rasuwa, hatsari, ana yafe shi, amma a furta cewa yafewa aka yi na yau, don kada ya zama sabuwar doka. Wadda ta kira tun awa biyu kafin lokaci ta ce za ta makara ita ma a sassauta mata, tunda ta ba da damar a musanya ta da wata.

Ƙa'idar tana hawa kan mai shago ma. Idan ita ce ta sa kwastoma jiran fiye da minti 10, sai ta rage wani abu daga kuɗin ko ta ba da zaɓin sauya rana ba tare da asarar komai ba, kuma yana da kyau wannan layin ya fito a cikin rubutacciyar ƙa'idar da ke manne a bango. Idan kuwa an tura saƙo, an sauya gurbi, aka sake faɗuwar alƙawari sau biyu, mataki na gaba shi ne a daina ware mata lokaci: ta kira idan ta shirya fitowa, in kujera babu kowa a karɓe ta, in da mutum ta bi layi.