Ba bayanka ne ya gaza ba, hannunka ne

An dade ana cewa in ka kasa jan jikinka sama a sandar karfe, ko karfe ya subuce maka wajen dagawa daga kasa, to bayanka ne ba kwari. Ba laifi a yi tunanin haka, amma sau da yawa riko ne ke fara karewa, bayan na nan da sauran karfinsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tsokokin da ke lankwasa yatsu da karfi ba a yatsun suke ba, suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, su suke jan wasu dogayen jijiyoyi kamar igiya da suka ratsa wuyan hannu har gabobin yatsu, kuma tsokokin nan kanana ne in ka hada su da na baya, shi ya sa suke rigan gajiya. Dora hannun hagu kasan gwiwar hannun dama ka dunkule, za ka ji naman ya kumbura.

Wani abu kuma, lankwasa wuyan hannunka ciki ka matse yatsan wani, sannan ka dan daga wuyan hannun baya ka sake matsewa, za ka ji bambanci. A lankwashe tsokar ta riga ta takure, ba ta da wurin ja sosai.

In kana son tantancewa, daura karfen a wuyan hannu da madauri ka sake ja. In adadin jan da kake iya yi ya karu daga 6 zuwa 10 misali, ai ka ga mai laifi. Don Allah a tura wa abokan motsa jiki.