Ma'anar rifot kad: kafin ka tambayi yaro "na nawa ka zo?"

Duk ƙarshen zango haka ake yi a gidaje, yaro ya dawo da takarda a hannu, tun daga zaure baba ya ce na nawa ka zo, in ya ce na uku a ce madalla a yanka masa kaza, in ya ce na ashirin da bakwai a fara faɗa, sai a ninke takardar a cusa cikin durowa ba wanda ya sake waiwayarta. Ni da na daɗe ina cike waɗannan takardu a matsayin fom masta abin yana ɗan ci min rai, don fozishan ɗin nan da kowa ke bi shi ne ma ya fi komai ƙarancin bayani a cikin katin.

Rifot kad dai shi ne katin sakamako da makaranta ke ba ɗalibi a ƙarshen kowane zango, sau uku a shekara. Kowane darasi yana da layinsa, kuma a layin za ka ga gidaje. Gidan farko an rubuta CA a samansa, mu muna cewa si'e, wato makin da yaro ya tara tun farkon zango daga tes da aikin gida da aikin aji. Gida na biyu makin babbar jarabawa ce. Makarantu da yawa suna ba si'e maki 40 jarabawa 60, wasu kuma 30 da 70, in aka haɗa ya tashi 100. To wannan jimlar ce ake juyawa ta koma harafi.

Haruffan kuma ba ɗaya ba ne a ko'ina, shi ya sa a ƙasan kati ko a bayansa ake buga ɗan jadawali da ke faɗin daga maki kaza zuwa kaza harafi kaza ne, a fara karanta shi tukuna. A firamare yawanci A zuwa F ne kawai, A na farawa daga 70. A babbar sakandare kuwa galibi ana bin tsarin WAEC ne, A1 daga 75 zuwa sama, B2 da B3 su rufe 65 zuwa 74, sai C4, C5, C6 daga 64 su gangaro har 50. Nan kiredit ya tsaya. D7 shi ne 45 zuwa 49, E8 40 zuwa 44, ƙasa da 40 kuma F9, faɗuwa. A lura lambar da ke manne da harafin ƙaramarta ita ce mai kyau, na taɓa ganin wata baiwar Allah tana murna wai ɗanta ya ci tara, ashe F9 ne.

D7 da E8 ɗin nan su ne ke yaudarar iyaye. A gefensu ana rubuta cewa yaro ya yi fas, kuma gaskiya ne bai faɗi ba, amma jami'a kiredit biyar take nema har da Turanci da Lissafi, kuma D7 ba kiredit ba ne. Yaron da yake ta kawo 46, 47 a Lissafi tun ajin farko na babbar sakandare ana cewa ai ya wuce, shi ne gobe za a ji yana neman kuɗin sake zana jarabawa.

Bari in kawo misali da kati ɗaya, mu ce na wata yarinya ce. A Lissafi ta samu 56, a Turanci ma 56, duka C5. Mai kallon jimla zai ce ai daidai suke. Amma duba gidajen. A Lissafi si'e ɗinta 34 cikin 40, jarabawa kuma 22 cikin 60. A Turanci si'e 14 cikin 40, jarabawa 42 cikin 60. Labari biyu ne daban.

A Lissafin ta kwashe kusan duk makin aji amma da aka zaunar da ita ita kaɗai a jarabawa ko rabi ba ta kai ba. Ko dai tana gane darasi a makon da aka koyar sannan ya zube kafin ƙarshen zango, ko tsoron jarabawa ne yake kama ta, ko kuma, kuma wannan ya fi yawa kar mu ɓoye wa juna, wani ne yake yi mata aikin gida, yayanta ko malamin lesin. Gane wanne ne ba wuya, a ɗauko littafinta a zaɓi tambaya biyu cikin waɗanda ta ci a aikin gida a ce ta sake yi a gabanka. A Turancin kuwa akasin haka ne, kan yana ja, tunda ta ci 42 cikin 60, makin aji ne ya zube. Irin wannan sau da yawa fashi ne ranar tes, ko ba ta miƙa aikin gida, ko littafin rubutunta bai cika ba. Wannan magana ce da za a je a yi da malamin darasin, ba sai an kashe kuɗin lesin ba.

Sai kuma gidajen da kusan ba wanda ke kallo, mafi girman maki a aji, mafi ƙanƙanta, da abarejin aji. Abareji shi ne a tara makin duk ɗalibai a raba da yawansu. A ce a Lissafin nan abarejin aji 41 ne, wanda ya fi kowa ya samu 63, to 56 ɗinta abin yabo ne, tana cikin na gaba-gaba, kuma in ajin gaba ɗaya ya tsaya a 41 akwai tambayar da ya kamata a yi wa makaranta ita ma. A Turanci kuma a ce abarejin 68 ne, ka ga 56 ɗin nan an bar ta a baya sosai.

Shi ya sa nake cewa fozishan ba ya gaya maka komai sai wanda yaronka ya fi da wanda ya fi shi. Yaro na iya zuwa na uku da abarejin darussansa 48 in ajin ya yi rauni, ana iya zuwa na goma sha biyar da 72 a ajin da ake gogayya. Wani lokacin ma tsakanin na biyar da na goma bai wuce maki biyu ko uku a abareji ba. Kuma yaron da aka sauya wa makaranta ya tashi daga na biyu ya koma na ashirin, ba lallai ne ya lalace ba, abokan karawa ne suka canja.

Katin zango na uku yana da ƙarin gida, inda ake haɗa zangunan uku a raba uku, kuma da shi yawancin makarantu ke yanke ko yaro ya wuce aji na gaba ko ya maimaita. A ce ya samu 62 a zangon farko, 55 a na biyu, 48 a na uku. An tara 165, an raba uku ya ba da 55, an rubuta ya wuce, kowa ya yi hamdala. Amma jera lambobin a karanta su a jere, duk zango maki bakwai yake sauka, makin zangon farko ne ya ɗauke shi ya tsallakar. Wanda ya yi 48, 55, 62 shi ma 55 ɗin zai samu, amma ni shi zan fi kwanciyar hankali da shi. Don haka kar a yar da katin baya, a ajiye su wuri ɗaya.

Gidan halarta ma a leƙa shi. In ka ga an rubuta an buɗe makaranta sau 120 a zango kar ka ce yaushe aka yi kwana 120, makarantu da yawa safe da rana suke kiran suna, kowace rana biyu ce. Ke nan in an ce yaro ya zo sau 96, kwana goma sha biyu ya yi fashi, fiye da sati biyu na karatu. In kai ka san kullum da safe yana saka yunifom ya fita, to ranar da aka koma makaranta ka bi shi ka ce fom masta ya buɗe maka rajista ku duba ranakun tare.