Sakkwatanci a hannun mai tace rubutu

Tace rubutun Basakkwace shi ne rarrabe abin da karin harshensa ya tanada da abin da alƙalaminsa ya kuskure. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta taimaka wajen yaɗa ta. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 sun ƙara tsayar da ƙa'idojin rubutu. Wannan ya sa mai tacewa da ya taso da Hausar littafi yakan ɗauki siffofin Sakkwato a matsayin kuskure, alhali suna da nahawunsu tsayayye.

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne tambaya guda: shin dattijon Sakkwato zai furta wannan siffa haka, kuma tana bin tsari a duk inda ta fito? In haka ne, kari ce. Basakkwace yana cewa munka, kunka, sunka, anka a inda littafi yake da muka, kuka, suka, aka. Yana sa na da ta a gurbin ne da ce, yana cewa wanga da wagga maimakon wannan, gidanai maimakon gidansa, hwara da tahi maimakon fara da tafi. Yakan kuma ninka baƙi, kamar yaz zo, tac ce. Kuskure kuwa shi ne abin da bai tsaya a ko wane ɓangare ba, kamar "mutanen da sun zo jiya". Littafi zai ce suka, Sakkwato ta ce sunka, amma bayan wannan "da" babu ɗayansu mai cewa sun.

Ga misali daga rubutun gajeren labari, yadda marubuci zai iya miƙa shi: Inna tace, "Wagga riga ta Bello ta, shi anka ba ran da munka tahi Illela, kuma sunce yabiya kudinta." Gyara huɗu ne wajibi a nan. A raba ta ce, sun ce da ya biya, domin wakilin suna ba ya manne wa aikatau, sannan a sa lanƙwasa a kuɗinta. Waɗannan ƙa'idojin rubutu ne, ba su canza yadda ake furta kalmomin, don haka gyara su bai rage wa Inna komai ba. Wagga, anka, munka da tahi kuwa a bar su yadda suke. Tarkon yana cikin "ta Bello ta". Wanda bai san karin ba zai zaci an maimaita kalma bisa kuskure ya goge ta biyun, alhali ita ce "ce" ta Sakkwatawa, kuma in ta fita jimlar ta gurgunce. Gyara rabi da rabi ma ɓarna ne: in aka mayar da anka ta zama aka, aka bar munka, Inna ta koma mai maganar da ba a yi a Sakkwato, ba a yi a Kano. Haka nan in marubucin da kansa ya sa mata munka a wani shafi, muka a wani, sai a tambaye shi wanne yake nufi kafin a taɓa.

Nau'in rubutu shi ke yanke sauran hukuncin. A labarin jarida, littafin makaranta da takardar ofis, jimlar takan koma "Wannan riga ta Bello ce, shi aka ba ran da muka tafi Illela", domin ana son mai karatu a Bauchi ko Daura ya wuce ba tare da tuntuɓe ba. Maganar da aka ɗauko daga bakin mutum aka sa cikin alamar zance kuwa ba a canza mata kari. A ƙagaggen labari an fi barin mai ba da labari da Hausar littafi, taurari da harshen garinsu, sai fa in marubucin ya zaɓi ya ba da labarin gaba ɗaya da Sakkwatanci, wanda haƙƙinsa ne.

A waƙa ne hannun mai gyara ya fi yin illa. Gaɓar farko ta munka mai nauyi ce, ta muka kuwa sassauƙa, saboda haka sauya ɗaya da ɗaya yana karya karin baiti. Amsa-amon da ya sauka a kan na ko ta yakan rushe in aka mayar da shi ne ko ce. Wannan ya shafi waƙoƙin ajami na zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, idan ana juya su zuwa boko, da kuma waƙoƙin makaɗan fada irin su Narambaɗa idan ana rubuta su daga faifai. A irin wannan aiki ana barin baitin yadda aka ji shi, kalmar da za ta wahalar da baƙo kuma a bayyana ta a ƙasan shafi.