Launukan da mai ke yi a kan ruwa

Baƙin mai ya ɗiga a ruwan da ya kwanta kan kwalta, sai ga launuka. Daga ina?

Daga kaurin man. Idan ya bazu ya zama siriri ƙwarai, haske yana dawowa daga wuri biyu: saman man, da kuma inda man ya haɗu da ruwa. Haske igiya ce mai tudu da kwari. Wanda ya nutsa ya dawo ya yi ƙarin tafiya ninki biyu na kaurin man. In tudunsa ya faɗa kan tudun na saman, launin ya ƙarfafa; in ya faɗa kan kwari, ya dushe. Tunda kowane launi da tsawon zangonsa, wato nisan da ke tsakanin tudu da tudu na gaba, kowane kauri da launin da yake fitarwa.

Mene ne juyewar da ake cewa haske na yi in ya dawo?

Kowane abu yana da lambar da ke nuna yadda yake rage wa haske gudu, ana rubuta ta n. Ta iska 1.00, ta ruwa 1.33, ta mai wajen 1.47. Hasken da ya dawo daga abin da lambarsa ta fi ta inda ya fito yana juyewa, tudu ya koma kwari, daidai da rabin zango. Daga iska zuwa mai akwai juyewa. Daga mai zuwa ruwa babu. Saboda wannan rabin zangon, sharaɗin ƙarfafa launi idan ana kallo daga sama tsaye shi ne `2nt = (m + ½)λ`, inda n ke nufin lambar mai, t kauri, λ tsawon zango, m kuma 0, 1, 2 da sauransu.

Ɗauki kore, mai zangon nanomita 550; nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kauri mafi ƙanƙanta shi ne 550 ÷ (4 × 1.47), wajen nanomita 94. Shuɗi mai 450 yana son 77, ja mai 650 yana son 111. Kore zai sake fitowa a wajen 281. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da rabin zangon, sai lissafi ya ba da 187, wanda a nan ne ma kore ya fi dushewa.

To me ya sa gefe mafi siriri ba ya yin baƙi kamar na kumfar sabulu?

A can kaurin ya kusa sifili, juyewar ta sa tudu ya faɗa kan kwari, amma igiyoyin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Saman mai yana dawo da wajen kashi 3.6 cikin ɗari na hasken, ƙasansa kashi 0.25 kacal, don lambar mai da ta ruwa sun yi kusa. Ƙaramar ba ta iya kashe babbar, sai wurin ya yi kama da ruwa zalla. Kumfa kuwa iska ce gaba da bayanta, ƙarfin ya zo ɗaya, suka kashe juna. Baƙin kwalta kuwa yana taimaka wa launukan su fito, domin yana shanye hasken da ya wuce ƙasa.

Man da ya yi kauri fa?

A kaurin nanomita 1000, zango 653 da 535 da 452 duk sun cika sharaɗin lokaci guda. Ja da kore da shuɗi ke nan, ido kuma ya haɗa su ya ga fari-fari.