Gidan mai ko kemis mafi kusa a Zariya: yadda ake auna nisan da titi

Malam, ina haɗa wata ƙaramar manhaja don 'yan acaɓa da masu keke. Tana karɓar lambobin GPS na mutum ta nuna masa gidan mai ko kemis mafi kusa. Sai dai direbobi na ƙorafin tana tura su wurin da sai an yi zagaye. Ina matsalar take?

Lissafinka bai san titi ba. Kusan tabbas kana amfani da haversine ko wani ɗan uwansa, wanda ke auna miƙaƙƙen layi daga ɗigo zuwa ɗigo a doron ƙasa. A Zariya kuwa abubuwan da ke datse wannan layin suna da yawa. Kogin Kubanni ya raba Tudun Wada da Sabon Gari, ba a ƙetare shi da abin hawa sai ta gada. Layin dogo ya ratsa gari, ba ko'ina ake tsallaka shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru na da katanga, sai ta ƙofa ake shiga ko fita. Babban titin Kaduna zuwa Kano kuma tagwaye ne, don haka gidan man da kake hangowa a ɗaya hannun wajen Kwangila ko Dan Magaji ba naka ba ne sai ka sami wurin juyawa.

Amma kada ka jefar da haversine. Akwai wata ƙa'ida da duk aikin ya tsaya a kanta: nisan titi ba ya taɓa gaza nisan miƙe. Ko su yi daidai, ko na titi ya fi. Saboda haka lissafin miƙe shi ne rariyar da za ka tace wurare da ita cikin sauri, sannan ka ba injin taswira 'yan kaɗan ɗin da suka rage ya auna su da titi.

To ta ina zan fara?

Da jerin wuraren. Idan ba ka da naka, OpenStreetMap na da su kyauta, kuma ana ciro su ta Overpass. Gidan mai alamarsa `amenity=fuel`, kantin magani `amenity=pharmacy`. A ce direba na tsaye a 11.090, 7.715, wato lambar arewa sannan lambar gabas:

```
[out:json];
nwr(around:3000,11.090,7.715)[amenity=fuel];
out center;
```

Wannan zai kawo duk gidan man da ke cikin mita 3000 a miƙe. Ka lura da `nwr` da `out center`. Wasu gidajen mai an saka su a taswira a matsayin ɗigo ɗaya, wasu kuma an zana harabarsu gaba ɗaya. Wanda ya nemi `node` kaɗai zai rasa waɗanda aka zana, kuma galibi manyan ne.

Daga nan sai ka miƙa lambobin ga OSRM, injin taswirar da ke auna nisa ta titi, sashensa mai suna `table`. Lambar direba ce ta farko, sauran na biye:

```
https://router.project-osrm.org/table/v1/driving/7.715,11.090;7.719,11.095;7.706,11.086;7.714,11.077?sources=0&annotations=distance,duration
```

`sources=0` na nufin a auna daga wuri na farko zuwa sauran kawai. In ka manta shi, injin zai auna daga kowane wuri zuwa kowane, aikin banza. In kuma ka manta `annotations`, lokaci kaɗai zai ba ka, babu nisa. Amsar tana zuwa da `distances` a mita da `durations` a daƙiƙa.

Duba lambobin biyu da kyau. A Overpass 11 ce a gaba, a OSRM 7 ce a gaba. Wannan tarkon yana kama mutane sosai, domin juyawar ba ta haifar da saƙon kuskure. Lamba 7.7 arewa, 11.1 gabas wuri ne na gaske a jihar Taraba. Injin zai nemo titi mafi kusa da can ya ba ka amsa hankalinsa kwance. In ka ga nisan ya fita hankali, ko duk wuraren sun fito da kusan lamba ɗaya, fara da duba wannan.

Wurare nawa zan tura wa injin? Biyar mafi kusa sun isa?

Babu adadin da za a rantse a kansa. Abin da ke yanke hukunci shi ne ƙa'idar nan ta sama. Mu bi misalin lambobin da ke cikin umarnin, waɗanda na ƙirƙira don koyarwa, ba wasu gidajen mai na ainihi ba ne.

A nan Zariya, digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, na gabas kuma kusan 109. Wato 0.001 ya kai mita 110 ko kusa da haka. Da wannan za ka iya lissafi ko a takarda. Gida na farko ya nisanta da 0.005 arewa da 0.004 gabas, kimanin mita 700 a miƙe. Na biyu kimanin 1,100, na uku kimanin 1,450. A ce akwai na huɗu a mita 1,800 da na biyar a 2,600.

Manhajarka ta yanzu za ta zaɓi na farko. To a ce yana hayin kogi, injin ya ce mita 2,400 ne ta gada. Wannan lambar ita ce iyakarka ta wucin gadi: duk gidan man da nisansa a miƙe bai kai 2,400 ba yana iya doke shi, dole a auna shi. Na biyar ya fita tun yanzu, domin ko titi ya miƙe sambal zuwa ƙofarsa ba zai gaza 2,600 ba. Aka auna na biyu, ya ba da 1,500. Iyaka ta sauko 1,500, na huɗu ma ya fita ba tare da an auna shi ba. Na uku fa? Yana 1,450 a miƙe, ƙasa da iyaka da mita 50 kacal, don haka sai an duba. Ya ba da 1,900. Na biyu ya ci, kuma yanzu kana da hujjar cewa babu wanda ya fi shi kusa cikin jerinka.

A aikace ba sai ka tura su ɗaya bayan ɗaya ba. Tura goma ko ashirin na farko a kira guda, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, sannan ka yi tambaya ɗaya: wannan lambar ta wuce faɗin da'irar da na bincika? In ka bincika mita 3000 amma mafi kusa da titi ya fito 4,200, ba ka gama ba. Akwai yiwuwar wani na zaune a mita 3,300 kan miƙaƙƙen titi. Faɗaɗa da'irar zuwa 4,200 ka sake. A cikin gari ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma wajen Shika ko hanyar Basawa, inda wurare ke da tazara, za ka riƙa gamuwa da shi.

Na gwada. Wani lokaci nisan titi na fitowa ƙasa da na miƙe. Ba kun ce ba ya yiwuwa ba?

Injin ba daga inda mutum yake tsaye yake fara awo ba. Yana fara jan ɗigon zuwa titi mafi kusa da ya sani, haka ma wurin da za a je, sannan ya auna tsakanin wuraren biyu da ya ja. Tazarar da ya ja ɗin ba ta cikin `distances`. Tana cikin `sources` da `destinations`, kowanne da `distance` nasa. Haɗa su ukun, lissafi zai daidaita.

Wannan tazarar da injin ya ja ita ce ma'aunin ingancin amsarka. Mita 10 ko 20 ba komai. In ta kai 150 ko 200, ko dai mutumin na cikin lungun da ba a zana ba, kamar yadda ake samu a tsoffin unguwannin cikin ganuwa, ko GPS ɗinsa ya kauce. Haɗarin ya fi girma a bakin kogi, gefen layin dogo, da kan tagwayen titi. Kaucewar mita 15 ta isa a ɗora direba a hannun da ke tafiya Kano alhali Kaduna ya nufa, amsa ta juye gaba ɗaya. Idan wayar na ba da alƙiblar tafiya, saka ta a `bearings` don injin ya zaɓi hannun da ya dace. Kuma kada ka yanke lambobin GPS ƙasa da gurbi biyar bayan ɗigo. Gurbi uku da na yi amfani da su a misali na iya kauce da mita hamsin.

Inda ka ga `null`, injin bai sami hanya ba ne. Cire wurin daga takara, kada manhajarka ta karanta shi a matsayin sifili ta ba shi na ɗaya.

Nisa zan bi ko lokaci?

Nisan da OSRM ke bayarwa na hanyar da ya ɗauka mafi sauri ne, ba lallai mafi gajarta ba. Zai iya bi da kai ta kwalta mita 2,000 ya bar hanyar ƙasa mai 1,400. Ga wanda mai ya kusa ƙare wa, mita ce ke da muhimmanci. Ga mai neman magani da dare, minti. Sai dai in lokaci ka zaɓa, iyakar tacewa ta canza: ninka mafi ƙarancin lokaci da gudu mafi girma da ake iya yi. Minti 4 a gudun kilomita 80 cikin awa ya haura kilomita 5, da'irar da za ka bincika ke nan. Lokacin ma ƙiyasi ne daga nau'in titi, bai san cunkoson PZ ko Ƙofar Doka da yamma ba. Ni dai a cikin gari nisa zan jera da shi, in nuna lokaci a gefe.

Sabar OSRM da ke cikin misalin ta gwaji ce, ba a gina kasuwanci a kanta. Sauko da taswirar Najeriya, `nigeria-latest.osm.pbf`, daga shafin Geofabrik ka kafa taka:

```
osrm-extract -p car.lua nigeria-latest.osm.pbf
osrm-partition nigeria-latest.osrm
osrm-customize nigeria-latest.osrm
osrm-routed --algorithm mld nigeria-latest.osrm
```

A cikin `car.lua`, canza `weight_name` zuwa `distance` in gajeriyar hanya kake so, sannan ka sake jerin daga farko. Ka tuna dokokin mota ne a ciki. Lungun da babur ke kutsawa, in an yi masa alamar hanyar ƙafa, injin ba zai bi ta nan ba, don haka ɗan acaɓa zai riƙa ganin lambar ta ɗan fi abin da ya sani. `table` kuma na da iyakar wuraren da yake karɓa a kira guda, wadda ake ɗagawa da `--max-table-size`.

Kemis ɗin unguwarmu ba ya fitowa sam.

Ba a saka shi ba ne, ko an saka da wata alama. Nemi `shop=chemist` da `healthcare=pharmacy` tare da `amenity=pharmacy`. In har yanzu babu, je ƙofar shagon ka ɗauki lambar a bakin titin da ake shiga, ba tsakiyar ginin ba, ka ajiye a naka jerin tare da lokacin buɗewa da ko akwai ƙwararren mai haɗa magani ko kemis ne na magungunan yau da kullum. Injin bai damu da inda lambobin suka fito ba, zai auna naka tare da na taswira a kira ɗaya.