Tayirod mai gaggawa da mai nawa: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Sista, tayirod ɗin nan ba shi ne maƙoƙo ba?

A'a. Kowa yana da tayirod, wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro. Maƙoƙo shi ne idan ta kumbura. Mutum yana iya fama da ciwonta shekara da shekaru wuyansa sumul, wani kuma ga maƙoƙo ƙato amma aikinta lafiya lau.

To mene ne aikinsa?

Yana fitar da sinadarin da ke tsayar wa jiki da saurin da zai yi aiki. Idan ya yi yawa komai sai ya hau gudu: zuciya, hanji, gumi, har tunani. Idan ya yi kaɗan komai sai ya koma tafiyar hawainiya.

Ina ci kamar gara amma kullum ramewa nake, gabana kuma faɗuwa yake. An ce iska ce.

Wa ya ce? Wanda ya ce ya taɓa riƙe hannunki ya ƙirga bugun zuciyarki? Ƙanwata, ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi, amma wata shida ana yi miki hayaƙi ba a ɗebi jininki ba, wannan sakaci ne. Rama tare da yawan ci, gumi ko a cikin hunturu, rawar yatsu idan kin miƙa hannu, rashin barci, saurin fushi har 'yan gida su ce kin canza hali, duk alamun tayirod mai gaggawa ne. Wasu idanunsu ma sukan firfito. Ciwon sukari shi ma yana ramarwa da yawan ci, don haka a gwada duka biyun.

Ta yaya zan ƙirga bugun da kaina?

Da asuba kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gindin babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya cur. Babban mutum a kwance, 60 zuwa 100 ne. Yi kwana uku ka rubuta. Bugun fargaba yakan sauka idan hankali ya kwanta, na tayirod kuwa ko a barci yana sama. Idan dattijo ne kuma bugun yana tsalle-tsalle babu tsari, kada a jira kwana uku, a kai shi asibiti yau, domin irin wannan yana iya janyo shanyewar ɓarin jiki.

Wata uku da haihuwata, zuciyata na dukan uku-uku, ba na barci, ga kuka ba dalili. Jego ne ko tayirod?

Wannan ba zan amsa da e ko a'a ba, kuma duk wanda ya yanke miki hukunci bai duba ki ba ya yi gaggawa. Mai jego tana da dalilai da yawa na bugun zuciya. Ƙarancin jini yana nan, musamman idan kin zubar da jini da yawa a haihuwa. Damuwar bayan haihuwa tana nan. Akwai kuma ciwon zuciya na masu jego, wanda yake da yawa a nan arewa. Shi nake fara tsoro. Idan ƙafafunki sun kumbura, ko numfashi yana gagarar ki idan kin kwanta sai kin tada kai da matashi biyu, bar maganar tayirod tukuna, ki tafi a duba zuciyar yau ɗin nan.

Idan babu waɗannan, to tayirod yana cikin lissafi. Wasu matan bayan haihuwa tsokar takan yi kumburi ta ciki, sinadarin da ta tara ya tsiyaye cikin jini gaba ɗaya. Na ga wata 'yar Kurna, uwar mijinta ce ta rako ta, tana cewa yarinyar nan ta zama mafaɗaciya, ga zani yana zame mata a ƙugu. Na ƙirga bugunta tana zaune, 112. Tafin hannunta jiƙe da gumi, ɗumi kamar mai zazzaɓi. Gwaji ya nuna TSH ɗinta, wato sinadarin da ke umartar tayirod ya yi aiki, ya faɗi ƙasa da 0.1, T4 kuma, wato sinadarin tayirod ɗin kansa, ya ɗan haura. Likita bai ba ta maganin rage aikin tayirod ba, domin a irin wannan tsokar ba ƙera sabon sinadari take yi ba, ajiyarta ce ta zube. Ya ba ta furofanolol don lafar da zuciya, bayan ya tabbatar ba ta da asma, ya ce ta dawo.

Da yaron ya kai wata shida sai ta dawo kamar ba ita ba: fuska a kumbure, magana a hankali, barci ba ya isar ta, tana jin sanyi a watan Afrilu da kowa ke neman inuwa. Ajiyar ta ƙare, tayirod ya koma mai nawa, TSH ya hau. Nan ne aka sa ta a lebotairoksin, maganin da ke cike giɓin sinadarin tayirod, ta kuma ci gaba da shayarwa. Yawancin irin waɗannan matan sukan warke cikin shekara guda ko da ɗan ɗori, amma wasu nawar takan zauna musu, shi ya sa ake maimaita gwaji, kuma yana iya dawowa a haihuwa ta gaba.

Sai dai fa ba kowace mai jego ce labarinta zai zama haka ba. Wata nata ainihin mai gaggawa ne da ke buƙatar kabimazol, maganin rage aikin tayirod, na dogon lokaci, kuma a farko takardar gwajinsu tana iya kama da juna. Firfitowar ido ko babban kumburin wuya sukan karkatar da likita can, wani lokaci sai an ƙara wani gwajin. Ki kwantar da hankalinki, dukansu suna da magani, amma ki koma duk ranar da aka ce ki koma.

Takardata ta ce TSH ya yi yawa, amma an ce tayirod ɗina ya yi ƙasa. Kuskure aka yi?

Ba kuskure. TSH daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, umarni ne ga tayirod ya yi aiki. Idan ya yi nawa sai umarnin ya ƙaru, idan ya yi gaggawa sai ya ragu. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar kusan 0.4 zuwa 4 a matsayin daidai.

Ƙibata duk tayirod ne ko?

Da wuya, Hajiya. Mai nawa yakan ƙara 'yan kiloli ne, yawanci ruwa da gishiri. Idan akwai kasala, taurin bayan gida, bushewar fata, mantuwa da baƙin ciki, yi gwaji. Kuma kada in ji kin sayi lebotairoksin a kemis don ki rame, zuciyarki da ƙasusuwanki za ki lalata.

Wata biyu ina shan lebotairoksin, har yanzu jikina a mace.

Yaya kike shan sa? Na san amsar: da shayi mai madara, tare da maganin ƙarin jini. Ciki babu komai ake sha, da ruwa zalla, a jira aƙalla minti 30 kafin karin kumallo, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini da awa huɗu. Gyara wannan, bayan mako shida zuwa takwas a sake gwada TSH a ga ko adadin ya ishe ki.

Ina kan kabimazol, zazzaɓi ya kama ni da ciwon maƙogwaro. In sha maganin maleriya?

Dakatar da kabimazol ɗin yanzu, ki je a ƙirga ƙwayoyin jininki yau. Jefi-jefi maganin yakan karya ƙwayoyin da ke kare jiki, kuma alamar farko ke nan. Kada ki koma shan sa sai likita ya ga sakamakon.