Takardar ECG Mai Kyau Ba Ta Wanke Zuciya

An daɗe ana ɗauka cewa idan takardar ECG, wato awon da ke zana bugun zuciya a kan takarda, ta fito lafiya, to ciwon ƙirjin gyambon ciki ne kawai, a koma gida. Wannan kuskure ne mai cin rai.

Takardar tana tafiya milimita 25 a daƙiƙa, don haka idan an ƙirga manyan akwatuna 4 tsakanin tsinin R, wato dogon tsinin da kowane bugu ke zanawa, da na gaba, sai a raba 300 da 4, a sami bugu 75 a minti. Idan kowane QRS, wato zanen babban bugun da tsinin R ke cikinsa, yana da ɗan tudun da ake kira P a gabansa, tazarar kuma daidai take, tsarin bugun lafiya yake. Amma duk wannan bai tabbatar da cewa jijiyar jinin zuciya ba ta toshe ba.

Abin dubawa shi ne layin ST, wato layin da ke biyo bayan QRS. Idan ya ɗaga da milimita 1 a sassan takardar da ake kira II, III da aVF, ƙasan zuciya ne ya rasa jini. Sai dai a farkon toshewa layin yakan kwanta lafiya lau, wani lokacin ma lotsawa yake yi maimakon ɗagawa. Saboda haka dattijon da ke gumi, ƙirjinsa na matsewa, bai kamata a sallame shi ba; a maimaita awon bayan minti 15 zuwa 30, a kuma gwada turofonin a jininsa, wato sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsokar zuciya ta ji rauni.